Yadda na kankare haƙorana da hannuna ina zaton tsafta nake yi

Ƙannena matasa, duk wanda ya taɓa shan Zamzam a Harami ya san cewa a jerin randunan da ake ajiyewa akwai na ruwan sanyi, akwai kuma ƴan kaɗan da aka rubuta musu da Larabci cewa ba a sanyaya su ba. Na yi kusan shekara biyu ina bin jerin nan ina neman marar sanyin, ni da tsofaffi, alhali ban kai arba'in ba, domin da zarar ruwan sanyi ya taɓa haƙorana na sama ta ɓangaren hagu sai in ji wani zugi ya tsarga mini har cikin kai, ya ɗauke bayan daƙiƙa biyu ko uku. Da hannuna na jawo wa kaina wannan wahala, kuma ina ganin da yawanku a kan hanyar da na bi.

Tun ina saurayi nake tuƙi tsakanin Jidda da Makka, kuma saboda zafin wurin ba na rabuwa da lemon gwangwani mai sanyi a gefen kujera, ina kurɓarsa kaɗan-kaɗan tun daga tashi har isowa. Da azumi kuma ruwan lemon tsami da na'ana'a ne abin buɗa-bakina. Ina gama sha sai in ji haƙora sun mutu, sai in ɗauki buroshi mai tauri in dirje su ta kwance da iya ƙarfina, wani lokaci har da garin gawayi don su ƙara fari. Da zugin ya fara, sai na ɗauka datti ne ya maƙale, na ƙara ƙarfin dirza.

Likitan haƙorin da na je wurinsa daga baya ya miƙo mini madubi, ya ɗaga leɓena ya ce, "Malam, dubi nan." A gindin fiƙata da haƙora biyu da ke bayanta, daidai inda suka haɗu da dasashi, akwai wani ɗan kwari mai launin rawaya kamar an sassaƙa da wuƙa, dasashin kuma ya ja da baya. Ya tambaye ni ko da hannun dama nake goge baki, na ce ƙwarai, ya ce shi ya sa ɓarnar ta fi yawa a hagu, domin can ne hannun dama ya fi samun ƙarfin dannawa.

Bayanin da ya yi mini shi ne, farin ɓawon da ke rufe haƙori, wanda ake kira inamel, ya fi komai tauri a jikin mutum, kuma babu jijiya a cikinsa. A ƙarƙashinsa akwai dentin, mai launin rawaya, wanda ke cike da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, suna ɗauke da ruwa, sun miƙe har zuwa tsakiyar haƙori inda jijiya take. Idan dentin ya fito fili, sanyi yakan sa ruwan nan ya motsa farat ɗaya, jijiya kuma ta karɓi motsin a matsayin ciwo. Saiwar haƙori kuwa ba ta da inamel ko kaɗan, wani siririn rufi ne kawai gare ta, wanda buroshi ke share shi cikin sauƙi da zarar dasashi ya janye.

Inda na fi cutar da kaina shi ne haɗa tsami da dirza. A ma'aunin tsami, wanda lambarsa ke raguwa gwargwadon ƙarfin tsamin, inamel yakan fara narkewa daga wajen 5.5 zuwa ƙasa, alhali yawancin lemon gwangwani yana tsakanin 2.5 da 3.5, ruwan lemon tsami kuma ya fi haka tsami. Bayan an sha irin waɗannan, saman haƙori yakan yi laushi na wani lokaci kafin yawu ya wanke tsamin ya mayar masa da taurinsa. Wanda yake kurɓa kaɗan-kaɗan na tsawon awa guda, kamar yadda nake yi a mota, ba ya ba yawu damar yin aikinsa, wanda kuma ya sa buroshi a lokacin laushin nan kankare haƙorin yake yi. Ko lemon da aka ce babu sukari a cikinsa bai tsira ba, domin tsamin yana nan. Masu fama da ƙwannafi su ma su kula, don ruwan cikin da ke tasowa ya fi lemon ƙarfi.

Abin da na canza ba shi da yawa. Na koma ga buroshi mai laushi, ina riƙe shi da yatsu kamar alƙalami, ina ɗan karkata shi wajen dasashi ina zagayawa a hankali na minti biyu, safe da dare. Idan gashin buroshinka ya baje cikin wata guda, to hannunka ya yi nauyi. Na bar gawayi gaba ɗaya. Idan na sha abu mai tsami, ina shanye shi tare da abinci, in kuskure baki da ruwa, in jira aƙalla rabin awa kafin in goge. Aswaki ban bar shi ba, amma ina jiƙa shi in tauna bakinsa har ya yi laushi, na kuma daina yawo da busasshe a baki ina gurzar wuri ɗaya tun daga Azahar har La'asar.

Sai man goge baki na masu jin sanyi a haƙori, wanda ake samu a kowane kantin magani. Wani yana ɗauke da sinadarin fotasiyam naitiret, mai kwantar da jijiya, wani kuma yana toshe bakin kafofin ne, kuma ya kamata a duba cewa akwai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa inamel, a ciki, wanda ga manya yakan kai wajen 1450 a ma'aunin da ke jikin kwalin. A nan ma na yi kuskure, domin na taɓa saye na yi kwana huɗu na jefar, na ce kuɗina aka ci, ashe yana buƙatar mako biyu zuwa huɗu ana amfani da shi kullum. Kuma bayan an goge tofar da kumfar kawai ake yi, ba a kuskurewa da ruwa. Da dare nakan ɗibi kaɗan a yatsa in shafa a wurin in kwanta da shi.

Amma kada wani ya ɗauka kowane zugi irin nawa ne. Nawa yana zuwa da sanyi ya tafi da tafiyarsa. Idan ciwon ya wuce rabin minti bayan an haɗiye ruwan, ko yana tashi haka kawai ya hana barci, ko shayi mai zafi yana tayar da shi, to wataƙila jijiyar ce ta kumbura, kuma man goge baki ba zai yi komai ba sai jinkirta zuwa wurin likita. Idan kuma haƙori ɗaya ne tak, ko yana sukar ka lokacin tauna, a duba kogo, ko tsagewa, ko tsohon ciko da ya saki.

Ni dai likitan ya shafa mini maganin fuloraid mai kauri a gindin haƙoran, ya kuma cike kwarin da ya fi zurfi da farin ciko. Bayan kamar wata guda na koma shan Zamzam mai sanyi, ko da yake har yanzu ba na tauna ƙanƙara. Inamel ɗin da na kankare bai dawo ba, dasashin ma yana nan inda ya janye, shi ya sa duk wata shida nake komawa a duba ko ya ƙara matsawa.