Tauraro ɗaya, fuska uku: yadda Markdown ya wahalar da ni a sati guda

Abin ya fara ne da wani saƙo da abokin aikina ya turo min da yamma, ya ce "Malam, wannan 1243 ɗin da ka rubuta a jagorar ajiyar bayanai na mene ne, gigabayit ne ko me?" Na ce wane 1243 kuma, ni ban rubuta wata lamba mai kama da haka ba. Ya ɗauko hoton sikirin ɗinsa ya turo, wallahi ga ta nan ɓaro-ɓaro, 1243, sai dai 4 ɗin ya ɗan karkata gefe kamar wanda iska ta tura. Na koma na buɗe fayil ɗina na asali, abin da na rubuta shi ne lissafin wurin da za mu buƙata, fayil 12, kowanne gigabayit 4, kwafi 3:

```
12*4*3
```

Amsar 144 ce. Amma shi injin da ke juya Markdown, wato salon tsara rubutu da alamomi irin su tauraro, zuwa abin da ake gani bai san ina lissafi ba, ya ga tauraro kafin 4 da tauraro bayan 4 sai ya ɗauka so nake a karkata lambar, ya haɗiye taurarin biyu ya manne sauran. Da mutumin nan bai tambaya ba da ya je ya nemi faifan da ya ninka abin da muke buƙata kusan sau tara. Wannan ne ya sa na zauna na bi jagorar layi-layi a duk wuraren da take fitowa, kuma a nan na gane matsalar ta wuce lamba ɗaya.

Yadda nake aiki shi ne, ina rubutawa a VS Code ina duba yadda zai fito a tagar gefe, idan na gama sai a haɗa takardun da MkDocs domin sauran mutane su karanta, sannan muhimman sakin layi nakan kwafa na liƙa a WhatsApp saboda waɗanda ba sa zama gaban kwamfuta. Ni a kaina abu ɗaya nake rubutawa. Ashe masu karatu uku ne daban suke karɓar rubutun, kowa da dokarsa. VS Code yana amfani da markdown-it wanda ke bin ƙa'idar CommonMark, MkDocs yana amfani da Python-Markdown wanda ya fi bin tsohon salo na asali, shi kuwa WhatsApp ba Markdown yake yi ba sam, kama ce kawai ta alamomi, kuma kama da wane ba ta wane.

Na WhatsApp ya fi sauƙin ganewa don haka bari na wuce shi da sauri. A Markdown tauraro ɗaya kowane gefe karkataccen rubutu ne, biyu kuma rubutu mai kauri. A WhatsApp tauraro ɗaya shi ne mai kauri, karkatacce kuma da ɗan layin ƙasa `_` ake yin sa, haka ma Slack yake. To duk inda na sa taurari biyu na kwafa na kai can sai rarar taurarin su fito fili suna ƙazanta saƙon, inda kuma na sa ɗaya don na ɗan sassauta murya sai ya fito da kauri kamar ina yi wa mutane tsawa. Wannan da ka gani sau ɗaya ka haddace.

Wanda ya ci min lokaci shi ne saɓanin VS Code da MkDocs, domin su biyun duka sunan Markdown suke amsawa. Na rubuta wannan:

```
Kafin ka fara ka tanadi:
* faifan ajiya
* kalmar sirri
```

A tagar VS Code jeri ne tsaf da ɗigo-ɗigonsa. Bayan an haɗa da MkDocs sai ga shi ya zama layi ɗaya miƙaƙƙe, "Kafin ka fara ka tanadi: * faifan ajiya * kalmar sirri", taurarin suna zaune tsirara a tsakiyar jimla. Na share na sake rubutawa, na canza taurarin zuwa karan ɗori, duk a banza. Dalilin ashe layin da babu komai ne. CommonMark ya yarda jerin ɗigo ya katse sakin layi kai tsaye, shi kuma Python-Markdown sai ya ga layi fayau tsakanin jimlar da jerin kafin ya yarda jeri ne, in babu sai ya ɗauke su ci gaban jimlar sama. Kuma ba rashin hankali ba ne, tsohon salon yana kare mai rubutu ne daga layin da ya karye ya faro da tauraro ko lamba bisa tsautsayi ya rikiɗe ya zama jeri. Danna Enter sau ɗaya ya gyara wurare goma sha wani abu a jagorar. Haka jerin da ke cikin jeri, na matsar da shi da tazara biyu VS Code ya karɓa, Python-Markdown sai da huɗu.

A nan na yanke hukunci a raina cewa to shi ke nan, CommonMark mai sassauci ne ɗayan kuma mai tsauri, in rubutu ya wuce a mai tsaurin zai wuce ko'ina. Washegari hukuncin ya rushe. Akwai wani gargaɗi da na manta ban sa tazara bayan taurarin rufewa ba:

```
**Lura:**kada ka goge na asali
```

Wannan a MkDocs ya fito da kauri lafiya lau, a VS Code ne ya ƙi, taurari huɗu suna kallona. Wato kowannensu akwai inda yake tsaurarawa akwai inda yake kau da kai. Sai da na je na karanta ƙa'idar CommonMark ɗin kanta kafin na fahimta, kuma dokar in ka cire mata manyan kalmomi ba ta da wuya. Ba ya ƙirga taurari kawai, yana duba maƙwabtansu na dama da hagu. Taurarin da za su rufe kada tazara ta zo kafin su, idan kuma alamar rubutu ce kafin su kamar ruwa biyu ko waƙafi, to dole abin da ke bayansu ya zama tazara ko wata alamar. A layina ruwa biyu ne kafin taurarin, harafin k kuma a bayansu, saboda haka ba su cancanci rufewa ba, na farkon suka rasa abokin rufi sai duka aka buga su yadda suke. Na buɗewa ma haka dokar take a juye. Shi Python-Markdown ba ya wannan binciken a kan taurari, ya ga biyu nan ya ga biyu can sai ya kaurara abin da ke tsakani.

Mu masu rubutu da Hausa wannan doka tana iya kama mu a inda ba mu zata ba, saboda alamar hamza da muke sawa a cikin kalma. Na gwada kaurara gaɓar ƙarshe ta kalmar sana'a, `sana**'a**`, CommonMark ya ƙi, domin a wurinsa hamzar nan alamar rubutu ce kamar waƙafi, ga harafi kafin taurarin ga alama bayansu, ba za su buɗe ba. Amma `**'yan**` a farkon kalma yana aiki tunda tazara ce kafin taurarin. In dole sai ka kaurara rabin kalma irin wannan, `<strong>` na HTML ya fi tabbas a inda aka yarda da shi.

Tushen duk wannan a tarihi yake. John Gruber ne ya fito da Markdown a 2004, da bayani na zube da ƙaramin shiri a harshen Perl, kuma bayanin bai faɗi abin da za a yi a irin waɗannan lungunan ba. Duk wanda ya zo rubuta nasa injin a wani harshen sai ya cike giɓin da fahimtarsa. Sai a 2014 John MacFarlane, mai Pandoc, manhajar juya takardu daga wani tsari zuwa wani, da wasu suka fito da CommonMark da dokoki filla-filla da ɗaruruwan misalan gwaji, GitHub ma ya ɗora nasa salon a kai a 2017. Amma babu wanda ya isa ya tilasta wa tsofaffin injuna su canza, kuma ni ina ganin suna da hujja, akwai tarin takardun da aka riga aka rubuta bisa tsohon hali waɗanda za su lalace in an taɓa.

Abin da ya fi taimaka min wajen gano inda cutar take shi ne na daina amincewa da idona a kan sikirin, na koma duba HTML ɗin da kowane inji ke fitarwa. Nakan yanko layin da nake zargi na sa a ƙaramin fayil na gudanar da waɗannan:

```
pandoc -f commonmark -t html gwaji.md
python -m markdown gwaji.md
```

Idan ka ga `<em>` ko `<strong>` ko `<li>` to injin ya ɗauki tauraron a matsayin umarni, idan ka ga `*` a zaune cikin `<p>` to ya ɗauke shi harafi ne kawai. Wannan yana raba maka matsala biyu da ke kama da juna, domin wani lokaci `<strong>` ɗin yana nan, salon haruffan na'urar ne bai nuna kaurin sosai ba, sai ka yi ta gyaran taurarin da ba su da laifi. Akwai kuma Babelmark da ke nuna sakamakon injuna da yawa a lokaci guda, in kana son ganin yawan saɓanin da idonka.

Komawa kan lissafin da ya tayar da zancen, na gwada hanya uku. Sa `\` kafin kowane tauraro, `12\*4\*3`, ya yi aiki a VS Code da MkDocs, amma da na kwafa zuwa WhatsApp sai sandunan suka fito tare da lambobin tunda shi bai san wannan dabarar ba. Sa tazara, `12 * 4 * 3`, ya yi a injunan biyu saboda tauraron da ke da tazara gaba da baya ba ya buɗe komai, sai dai ina tsoron ranar da wani zai zo gyara ya matse su, ko layi ya karye tauraron ya dawo farkon layi ya zama ɗigon jeri. A ƙarshe na cire tauraron gaba ɗaya na sa alamar sau ta gaske, 12 × 4 × 3 = 144, wadda babu injin da ke ɗaukarta umarni. Na tura wa abokin aikin nawa sabon kwafin na ce ya buɗe a wayarsa da kwamfutarsa duka ya turo min hoto, ya turo guda biyu, 144 a kowanne.