Ranar da ma'aji ya tambaye ni cinikin watan Safar

Karon farko da na tsaya gaban ƙungiyar gama kai ta unguwarmu neman jari, na ci sabuwar shadda wadda na ɗinka da hannuna, na haddace jawabi kamar ɗan makaranta. Na yi minti goma ina ba dattawa labarin yadda na koyi ɗinki da burina na buɗe babban shago. A ƙarshe na ce a taimaka mini da naira 300,000 in bunƙasa sana'a.

Ma'ajin ƙungiyar ya gyara tabarau ya ce, "Yaro, kaya nawa kake ɗinkawa a wata?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sittin, kowanne naira 3,000." Ya ce, "A wane watan?" Nan bakina ya mutu, domin lissafin watan azumi na kawo, lokacin da tela ke kwana a kan keke. Ya ce to a Safar fa, bayan an gama hidimar Babbar Sallah aljihu ya bushe? Ban sani ba. Da na koma shago na duba littafin awo, kaya 14 na gani.

Ƙannena masu shirin shiga irin wannan zama, ku sani kuɗin da ke hannun ma'aji gudummawar 'yan ƙungiya ce, har da ta mai ƙosai da ta ɗan acaba, kuma shi za a tuhuma idan ta salwanta. Shi ya sa watan da ya fi kowanne muni yake son ji. Ni kuwa na kawo masa mafi kyau, na kuma kira naira 180,000 "abin da nake samu", alhali ciniki ne, ban cire zare da maɓalli da hayar shago da kuɗin yaron shago ba.

Akwai wani kuskuren da sai daga baya sakatare ya nuna mini. Bakina na cewa jari, amma tsarin da na kawo na bashi ne. Mai ba da bashi kuɗinsa yake jira ko ka ci riba ko ka faɗi. Mai zuba jari kuwa kaso yake da shi a riba, don haka dole ka faɗi kason, ka kuma yarda ya riƙa duba littafinka.

Bayan wata huɗu na koma, da littafin awo a hannu da takardar farashi daga wurin mai sayar da kekuna. Ga kusan abin da na faɗa:

"Iyayena, naira 120,000 nake nema, kuɗin keken wibin guda ɗaya, mai ɗinke bakin yadi don kada ya warware. Yanzu kowane kaya sai na kai waje a yi mini wibin a kan naira 200, kuma idan aka haɗa watan ciniki da na rashi, kaya 30 nake yi a wata. Naira 6,000 ke nan za ta tsaya a hannuna. Teloli huɗu na layinmu su ma waje suke kaiwa, kamar kaya 100 a wata, naira 20,000. Zare da allura da mai da fetur za su ci 8,000, saura 18,000. Kashi ɗaya cikin huɗu na ribar naku ne. Rasit zai fito da sunan ƙungiya, ina biyan 10,000 duk wata har shekara guda keken ya zama nawa. A Muharram da Safar ku yi mini sassauci in biya 5,000, in cike giɓin a watan azumi."

Bai kai minti uku ba. Wata Hajiya ta tambaya, idan telolin nan suka fasa kawowa fa? Na ce biyu daga cikinsu suna ƙofa, a kira su. Maigidana da ya koya mini ɗinki shi ya tsaya mini. Abin da na lura ya fi kwantar musu da hankali shi ne maganar rasit, don ko na gaza, keke yana nan a sayar.

Duk da haka na bar rami a lissafin, ban ware ko sisi na gyara ba. A wata na biyar keken ya fara tsallake ɗinki yana tsinka zare, makaniki ya canza wuƙa ya saita shi, ya karɓi 7,000. 'Yar naira 3,500 da ke rage mini a wata ba ta isa ba, sai da na taɓa kuɗin yadin wani da ya kawo mini ɗinki, na yi sati guda ina kauce wa hanyar gidansa.