Yadda na koyar da fitar da W⊥ daga filin sifili a Samaru

Idan jarabawa ta ƙarato a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙannenmu na aji biyu sukan nemi wanda ya riga su wucewa ya zauna da su bayan la'asar, a duk ajin da aka samu babu kowa a Samaru. Ni aljabarar matiriks ta faɗo hannuna. A cikin abin da muka bi, wanda ya fi cin lokaci shi ne wannan tambaya: an ba ka ƙaramin fili W a cikin R⁴, a ce ka fitar da W⊥, wato tarin duk bektocin da suke otogonal da kowane bekta na W. Lissafin kansa bai kai rabin shafi ba. Wahalar tana wajen gane abin da ake nema, da kuma yadda za a jera lambobin kafin a fara.

Bekta biyu suna otogonal idan dot ɗinsu sifili ne: ka ninka lamba ta farko da ta farko, ta biyu da ta biyu, har ƙarshe, ka haɗa, ka samu 0. Da na ce su ba ni misali a cikin ajin, kusan kowa ya nuna bango da daɓen ƙasa, tunda sun haɗu a kusurwa mai digiri 90. Sai na ce su dubi layin da bangon ya zauna a kan daɓen. Layin nan yana cikin bango, yana kuma cikin daɓe, to ashe sai ya zama otogonal da kansa, alhali bektan da dot ɗinsa da kansa ya ba da sifili, bektan sifili ne kaɗai. Saboda haka bango ba shi ne W⊥ na daɓe ba. W⊥ na daɓe shi ne layi ɗaya tak da ya miƙe sama, kamar igiyar da magini yake sakewa da nauyi a bakinta. Daɓe yana da daimenshon 2, layin yana da 1, an samu 3, girman ɗakin ke nan. Wannan ƙidayar ita ce muka riƙa komawa gare ta.

Ga tambayar da na rubuta a allo. W shi ne filin da waɗannan bektoci uku suka haifar:

```
v1 = (1, 2, 0, 1)
v2 = (2, 4, 1, 3)
v3 = (3, 6, 1, 4)
```

Bektocin W ba su da iyaka, ba wanda zai iya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Amma kowannensu haɗi ne na v1, v2 da v3, wato a·v1 + b·v2 + c·v3. Idan x ya ba da sifili da ukun nan, to dot ɗinsa da haɗin zai zama a·0 + b·0 + c·0, sifili ke nan. Sharuɗɗa uku sun wadatar. Yanzu ka tuna yadda ake ninka matiriks da bekta: lambar farko ta Ax ita ce dot ɗin layin farko na A da x, ta biyu dot ɗin layi na biyu da x, haka har ƙasa. To idan ka kwantar da v1, v2, v3 suka zama layukan A, sharuɗɗan nan uku sun dunƙule sun zama Ax = 0. Tarin amsoshin Ax = 0 kuwa shi ne filin sifili na A, wanda littattafai suke rubutawa N(A). Iyakar sirrin ke nan: W⊥ = N(A), muddin bektocin suna kwance a matsayin layuka.

Sai rage layuka. Na cire ninki biyu na layin farko daga na biyu, ya bar (0, 0, 1, 1). Na cire ninki uku na layin farko daga na uku, shi ma ya bar (0, 0, 1, 1). Da na cire wannan daga wancan, layi na uku ya mutu gaba ɗaya.

```
1  2  0  1
0  0  1  1
0  0  0  0
```

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai mun canza bektocin. Ta yaya amsar za ta kasance ta W ɗin farko?" Na ji daɗin tambayar, don mafi yawa hadda kawai suke yi. Na ce mata, "Malama, duba abin da muka yi wa layukan. Haɗa su muka yi da juna, kuma kowane mataki ana iya warware shi a koma baya. Bektocin sun canza, amma filin da suke haifarwa bai motsa ba." Layin da ya mutu ma labari yake ba mu: v3 ba komai ba ne illa v1 + v2, na saka shi ne da gangan. Daimenshon ɗin W 2 ne, ba 3 ba, kuma tun kafin mu ci gaba mun san W⊥ zai zo da 4 − 2 = 2.

Lambobin jagora, wato lambar farko da ba sifili ba a kowane layi, suna kolam na ɗaya da na uku, don haka x2 da x4 su ne 'yantattu. Layin farko ya ce x1 = −2·x2 − x4, na biyu ya ce x3 = −x4. Ka ba x2 ɗaya ka ba x4 sifili, sannan ka juya:

```
n1 = (-2, 1,  0, 0)
n2 = (-1, 0, -1, 1)
```

Waɗannan biyun su ne tushen W⊥. Ban bar kowa ya rufe littafi ba sai da ya gwada su da bektocin asali, ba da layukan da aka rage ba, domin in an yi kuskure wajen ragewa, layukan da aka rage za su goyi bayan kuskuren. Dot ɗin v2 da n2 shi ne −2 + 0 − 1 + 3 = 0. Na v3 da n2 shi ne −3 + 0 − 1 + 4 = 0. Dot shida ne duka, minti biyu sun isa.

Kuskuren da na fi gani a takardunsu shi ne tsayar da bektocin a matsayin kolam. Ba laifinsu ba ne sosai, an shafe makonni ana koya musu tsayar da bekta in za a nemi tushe, hannu ya saba. A tambayarmu, wanda ya yi haka zai samu matiriks mai layi huɗu da kolam uku, filin sifilinsa kuma zai ba shi (1, 1, −1). Alamar farko a fili take: bektan lamba uku gare shi, mu kuwa a R⁴ muke, ko dot ɗinsa da v1 ba zai yiwu ba. Abin da ya samo gaskiya ne, amma amsar wata tambaya ce daban, yana faɗin cewa v1 + v2 − v3 = 0. Inda abin yake da haɗari shi ne idan yawan bektocin ya yi daidai da tsawonsu. Ɗauki (1, 0, 0), (1, 1, 0) da (2, 1, 0) a R³. Duka suna kwance a daɓe, W⊥ ɗinsu layin (0, 0, 1) ne. Wanda ya tsayar da su zai sake samun (1, 1, −1), tsawonsa daidai, daimenshon ɗinsa daidai, babu abin da zai sa ya yi shakka. Gwajin dot ne kawai zai tona asiri, don dot ɗinsa da (1, 0, 0) 1 zai bayar. Wannan ne ya sa nake naci a kan gwajin ƙarshe. In kuwa an riga an ba ka matiriks B da bektocin a tsaye, juya shi za ka yi, W⊥ = N(Bᵀ).

Akwai masu ɗaukar W⊥ a matsayin duk abin da ba ya cikin W. Na ba su (1, 0, 0, 0). Ba ya cikin W, domin kowane bektan W lambarsa ta biyu ninki biyu ce ta farko. Ba ya kuma cikin W⊥, domin dot ɗinsa da v1 ɗaya ne. Yawancin bektocin R⁴ haka suke, ba sa nan ba sa can, sai dai kowannensu yana rabuwa gida biyu ta hanya ɗaya tak, wani yanki a W, wani a W⊥.

Wani abin da ya ɗaure wa wasu kai: n1 da n2 ba su otogonal da juna, dot ɗinsu 2 ne. Wani ya ce to an yi kuskure ke nan. Ba a yi ba. Sharaɗin yana tsakanin W da W⊥ ne, bai ce komai a kan zaman 'yan gida ɗaya ba. In tambaya ta nemi tushe mai otogonal, sai a ƙara mataki ɗaya na Gram–Schmidt: a cire (2/5)·n1 daga n2, a ninka da biyar don a kori ɓangarori, a samu (−1, −2, −5, 5). Dot ɗinsa da n1 sifili ne, da v1 kuma −1 − 4 + 0 + 5 = 0.

A nan ne kwamfuta take rikita wanda bai san wannan ba. Ɗaya daga cikinsu ya zo da laftof, muka buga:

```python
from sympy import Matrix
A = Matrix([[1,2,0,1],[2,4,1,3],[3,6,1,4]])
print(A.nullspace())
```

SymPy ya dawo mana da n1 da n2 kamar yadda suke a allo, don shi ma rage layuka yake yi. Amma scipy.linalg.null_space ta hanyar SVD yake bi, yana ba da kolam biyu cike da lambobi masu ɗigo, kowanne tsawonsa ɗaya kuma suna otogonal da juna. Fili ɗaya ne, tushe ne daban. Kada ka kwatanta lamba da lamba, ka ninka A da abin da ya fito ka ga ko ya zo kusa da sifili, sannan ka ƙirga kolam.

Da laftof ɗin a buɗe na nuna musu iyakar hanyar. Na mai da 4 ɗin ƙarshe na v3 ya zama 4.001, irin ɗan bambancin da awo yake kawowa. Nan take layi na uku ya ƙi mutuwa, ya bar (0, 0, 0, 0.001), wanda ya tilasta x4 = 0, shi kuma ya ja x3 = 0. Daimenshon ɗin W ya koma 3, W⊥ ya tsuke ya zama layin n1 kaɗai. A takardar jarabawa lambobi cikakku ne, ba ruwanka da wannan. Amma in lambobin daga awo suka fito, kai ne za ka yanke ƙanƙantar da za a ɗauka a matsayin sifili, kuma abin da rcond yake yi ke nan a null_space.

Tambayar da na rufe zaman da ita juyin ta farko ce. Na ce U shi ne duk x da ya cika x1 + 2·x2 + x4 = 0 da x3 + x4 = 0, su fitar da U⊥. Rabin ajin suka duƙufa, suka fitar da n1 da n2, suka kwantar da su, suka sake neman filin sifili. Sun iso daidai, amma da sun tsaya sun karanta, amsar tana rubuce a jikin tambayar. Kowace ikweshon cewa take yi dot ɗin x da wani bekta sifili ne, don haka U⊥ shi ne filin da (1, 2, 0, 1) da (0, 0, 1, 1) suka haifar, wato W ɗinmu na ɗazu, tunda a Rⁿ kullum (W⊥)⊥ = W.