Ranar da f/22 ta ɓata mini hoto

Na daɗe ina ɗauka cewa idan ana son komai ya fito tar a hoto, sai a tsuke ƙofar hasken lens har ƙarshe. Da wannan tunani na ɗauki hoton wasu duwatsu da ke gabana da itatuwa can nesa. Na kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, na sa f/22, wato ƙofa a tsuke sosai, domin ƙofar na ƙanƙancewa ne yayin da lambar f ke ƙaruwa, na saita fokas a tsanake. Da na buɗe hoton a kwamfuta na faɗaɗa shi zuwa 100%, sai na ga kamar an shafa masa hazo.

Da farko na zargi girgiza. Amma girgiza takan ja hoto ta gefe guda, a nan kuwa babu wannan jan. Da kuskuren fokas ne, da an sami wani wuri, gaba ko baya, da ya fito sarai. Wannan dishi-dishin ya game ko'ina daidai wa daida, kuma ita ce alamar da nake dubawa yanzu.

Na koma wurin na ɗauki abu ɗaya a f/5.6, f/8, f/11, f/16 da f/22, ban taɓa fokas ba. Na f/8 ya fi kowanne kaifi. A f/16 tsagar jikin dutse ta fara narkewa, a f/22 ganyaye sun cuɗe da juna.

Dalilin yana cikin halin haske ne, ba laifin gilashin ba. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, idan ya bi ta ƙaramar kafa sai ya bazu daga bakin kafar. Saboda haka ɗigo ɗaya na haske ba ya sauka a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, a matsayin ɗigo, sai dai ɗan faifai mai zobba, wanda ake kira da sunan George Airy da ya yi lissafinsa a 1835. Faɗinsa kusan 2.44 × λ × N ne, inda λ take tsawon igiyar hasken, N kuma lambar f. Da koren haske mai tsawon igiya maikuron 0.55, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, faifan ya kai kusan maikuron 11 a f/8, a f/22 kuwa kusan 30. Kyamarata mai matsakaicin sensa ce, girman da ake kira APS-C, mai megafiksel 24, kowane fiksel bai cika maikuron 4 ba. Ashe a f/22 ɗigo ɗaya yana malala a kan faɗin fiksel bakwai zuwa takwas. Lens komai tsadarsa ba zai tsallake wannan ba.

Yanzu a irin wannan wuri f/8 nake tsayawa, in ɗauki hoto uku, fokas a kusa, a tsakiya da nesa, in haɗe su a kwamfuta. Idan iska na kaɗa ganye haɗin ba ya yiwuwa, sai in hau f/11, ko f/16 in ta kama dole, don ɗan laushin da ya game hoto ya fi mini sauƙi a kan dutsen gaba da ya fita daga fokas gaba ɗaya.