Abin da mai zoɓo take saya a cikin firiza

Shekara uku na yi ina riƙe da littafin wani ɗakin sanyi a Kakuri, cikin garin Kaduna, inda dillalan kifi da kaji suke biyan haya wata-wata. A cikin kuɗin nan akwai wurin ajiya, da janareta, da mai gadi, da 'yan dako, da daskarar da kaya har su yi kamar dutse. Duk a dunƙule ake sayarwa, ko ka ɗauka ko ka bari.

Wata rana wata mata daga Tudun Wada ta shigo da bokitin zoɓo da kunun aya. Ta ce, "Malam, kwana ɗaya kawai nake so, gobe da safe yarona ya ɗauka ya kai Kasuwar Barci." Na gaya mata ba ma yin haka. Ta juya ba ta ce komai ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

A daren na ɗauki biro na jera duk abin da muke sayarwa, na bi su ɗaya-ɗaya ina tambaya: wanne ne wannan matar ba za ta iya yi da kanta ba? Dako, tana da yaro. Gadi, wa zai saci zoɓo? Hayar wata, ba ta san ko jibi za ta dafa ba. Abu ɗaya ya rage, sanyi daga magariba zuwa asuba. Shi ma sanyin ashe iri biyu ne. Zafin da za a cire wa litar ruwa kafin ta sauko daga digiri 30 zuwa 5 bai kai kashi ɗaya cikin uku na wanda za a cire kafin ta daskare ba. Dillalin kifi daskarewa yake biya. Ita kuwa tana son kwalba ce mai raɓa da za ta kai azahar a cikin kula.

Da na bar aikin a ƙarshen 2023, sai na sayi firiza ta hannu mai lita 300, na ajiye a shagon ƙofar gidanmu a Rigasa. Tana ɗaukar gora 240 na rabin lita idan an bar wa iska hanya, wato kwando 10, kowanne gora 24. Na sa naira 300 kwando a dare.

A nan lissafi ya koya mini abin da ban gani ba a takarda. Ka rarraba farashi yadda kake so, kuɗin kunna firiza ba ya rarrabuwa. An cire tallafin man fetur tun ranar 29 ga Mayu 2023, a lokacin lita ta wuce naira 600. Daren da ba wuta, janareta na shan lita 3 a awa 6, kusan naira 1,900, ga 500 ta yaron da ke karɓa da bayarwa. Sai kwando 8 sun shigo kafin in mayar da 2,400 ɗina. Daren da shida suka zo, ni ne na biya wa mutane sanyi. Don haka na daina jiran mai zuwa, na bi gida-gida na sami mata bakwai da suka yarda su biya na mako a kan 250 kwando a dare, sauran gurbin uku na bar wa masu zuwa jefi-jefi a kan 300. Ribar tana fitowa ne a dararen da aka kawo wuta.

Sai kuskuren da har yau nake jin ciwonsa. Wata ta kawo kunu bai huce ba, yaron ya karɓa. Zafinsa ya hana sauran yin sanyi, da safe ƙanƙarar jikin firiza ta narke, gorunan kunun aya sun kumbura, ana buɗewa sai kumfa da tsami. Kwando uku na biya. Wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, jarin ke nan gaba ɗaya," ban iya haɗa ido da ita ba. A Kakuri da akwai mai duba kaya a bakin ƙofa, aikinsa yana ɓoye a cikin kuɗin haya, ni kuma na yar da shi tare da dako da gadi ban lura ba.

Yanzu duk gorar da aka kawo sai an taɓa ta da bayan hannu, mai ɗumi ta jira a waje. Ƙarfe 7 na yamma ake rufe karɓa, ba a sake ɗaga murfi sai asuba. Kowane kwando da lambarsa a fenti. Masu kifi suna ta roƙo, amma ƙarni yana kama gora, saboda haka sai na tara kuɗin firiza ta biyu tukuna.