Ashe daga tikiti kudi biyu ne

Yau na zauna zan daga tikitin jirgin Hajiyarmu daga Katsina zuwa Abuja, daga Laraba zuwa Lahadi saboda an matsar da biki. Da ma an ce min kudin canjin rana dubu 15 ne, na rike hakan a raina, ina dannawa sai ga dubu 55. Na kira yaron da ya yankar mana tikitin nan cikin gari, ya ce Yaya ai abu biyu ne, dubu 15 ladan taba tikitin ne ko da farashi bai motsa ba, sauran 40 din kuma cikon farashi ne, an saya mata a 110 amma kujerun masu araha na Lahadi sun kare saura na 150.

Na ce to duba min Litinin, ya ce tana 95. Har na fara murna za a mayar mana da rara, ya yi dariya ya ce irin tikitinta in farashi ya sauka ba a mayarwa, kuma 15 din tana nan daram. Wato in ya hau ni zan cika, in ya sauka shiru. Lahadin dai muka biya, don Litinin an gama biki.