7 ga Afrilu: musuna da Kawu kan jiragen igwa

Zafin yau ba a magana wallahi, tun ƙarfe goma na safe fanka ta tsaya, na dawo daga makaranta rigata sharkaf kamar an tsamo ni a kududdufi. Awa biyu na yi ina fama da 'yan aji biyar kan lissafin yadda abin da aka harba sama ke tafiya har ya faɗo, rabinsu na gyangyaɗi, ni ma ban ga laifinsu ba.

Bayan la'asar na leƙa gidan Kawu in kai masa maganin ƙafarsa. Na same shi a zaure kan tabarma da 'yar rediyonsa, ana labarin Amurka ta tura wani jirgin ruwa mai dakon jiragen sama wani wuri. Kawu tsohon soja ne, kuma a ɓangaren igwa ya yi aikinsa duka, to kun san yadda abin yake, duk abin da ba ya tashi da ƙara ya girgiza ƙasa shi a wurinsa ba makami ba ne. Ya rage murya ya ce, "Kai ɗan nan, wai wannan falankin da suke yawo da shi a teku, ko igwa ɗaya ta kirki babu a kansa, shi ne jirgin yaƙi? Ina manyan jiragen da muke gani a hoto da?"

Na ce Kawu ai kun taɓo ranar da kanta, yau 7 ga Afrilu, rana irin ta yau a 1945 aka nutsar da babbansu gaba ɗaya. Shikenan zaman minti goma ya koma har magariba.

Yamato sunansa, na Japan. Nauyinsa in ya yi lodi ya haura tan dubu 70. Manyan igwa tara gare shi, faɗin bakin kowace santimita 46, harsashi ɗaya kusan tan ɗaya da rabi, kuma tana iya wurga shi kilomita 42, kamar a ce daga nan Kano a harba ya sauka Wudil. Sulken ƙarfen da ke gefensa kaurinsa santimita 41. Kawu ya buɗe tafin hannu yana aunawa a kan tabarma, taƙi biyu, ya jinjina kai ya ce to ka gani, wannan shi ne jirgi.

Na ce to amma Kawu ku da kanku kun fi ni sani, igwa ba ta bugun abin da ba a gani ba. Ya ce ƙwarai, shi ya sa ake tura mai leƙe gaba. To a teku matsalar ita ce duniya a lanƙwashe take. In mutum ya hau hasumiyar jirgi mai tsawon mita 36, iyakar ruwan da idonsa zai kai wajen kilomita 21 ne, lissafin ma ba wuya, ka ɗauki saiwar tsawon, wato 6, ka ninka da 3.6. Bayan nan sai dai ka hango kan hasumiyar abokin gaba kamar tsinke. Sannan harsashin da aka harba iyakar nisa yana yin wajen minti ɗaya da rabi a sama, shi kuma jirgin da ake hari ba tsayawa zai yi yana jira ba, in yana gudun kilomita 50 a awa kafin harsashi ya sauka ya matsa fiye da kilomita ɗaya, in ya karkata kaɗan ma shikenan ruwa ka buga. Shi ya sa duk da 42 ɗin da ke kan takarda, bugu mafi nisa da aka taɓa samu jirgi da jirgi suna tafiya bai wuce wajen kilomita 24 ba, a 1940.

Nan Kawu ya yi shiru, don wannan yarensa ne.

Sai na ɗauki kofin shayinsa na ajiye a tsakiyar tabarma na ce wannan Yamato ne, na zagaye shi da yatsa, taƙi ɗaya, na ce iyakar hannunsa kenan. Na ɗauki akwatin ashana na tashi na kai shi can bakin ƙofar zaure kusa da takalma na ce wannan kuma falankin da kuka raina. Ranar da abin ya faru jiragen dakon Amurka suna nesa da shi fiye da kilomita 300. Ba wanda ke cikin Yamato da ya taɓa sa su a ido. Jiragen sama kusan 400 suka taso masa rukuni bayan rukuni, yana kan hanyar tsibirin Okinawa, kuma babu jiragen saman Japan da ke rufa masa baya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne yadda aka kashe shi, don ba sulken aka fasa da ƙarfin tsiya ba. An ƙera sulken ne don harsashin wani jirgi irinsa, mai zuwa ta gefe ko ya sauko a karkace. Topido kuwa jirgin sama ke sako shi cikin ruwa ya taho ta ƙasa inda ƙarfen ya fi sirancewa, ya fashe, ruwa ya shiga. Watanni shida kafin nan, a Oktoban 1944, sun nutsar da ɗan'uwansa Musashi, amma ya ba su wuya sosai saboda sun yi ta dukansa ta dama da hagu, ruwa na shiga ɓangare biyu, jirgi na zaune daidai yana nutsewa a hankali. To da suka zo kan Yamato sai suka tattara yawancin dukan a hagu. Jirgi ya fara kishingiɗa. Maganin da ma'aikatansa ke da shi ɗaya ne, su buɗe wa ruwa ɗakunan dama da gangan don ya daidaita, suka yi, har ta kai sun cika ɗakin inji da na tukunyar tururi na dama da mutanensu a ciki, Allah Ya kyauta. Kowane ɗaki da aka cika gudu na raguwa, gudu na raguwa kuma saiti na ƙara sauƙi ga na sama. Na karkata kofin a hankali har sauran shayin ya fara zuba, Kawu ya ce kai kar ka ɓata min tabarma. Cikin awa biyu ya kife, ma'ajiyar harsashinsa ta tashi da misalin ƙarfe 2:23 na rana. Mutum sama da dubu uku suka mutu. Amurka ta rasa jiragen sama 10 da mutum 12.

Kawu ya ce to wannan ai taron dangi ne aka yi masa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Na ce haka ne, amma ba a nan aka fara ba. A Nuwamban 1940 jiragen sama 21 kacal, tsofaffin yayi masu fukafukai hawa biyu da aka lulluɓe da yadi, suka tashi daga jirgin dakon Birtaniya da dare suka nakasa manyan jiragen Italiya uku a tashar Taranto. Masu kare igwa suka ce ai a ɗaure suke a tasha. Japan ta kai hari tashar jiragen Amurka ta Pearl Harbor, suka sake faɗin haka. Kwana uku bayan nan, 10 ga Disamba 1941, jiragen saman Japan suka riski manyan jiragen Birtaniya Prince of Wales da Repulse a tsakiyar teku gefen Malaya, suna gudu, suna kaucewa, suna harbi, kuma na farkon sabo ne fil, duka biyu suka nutse rana tsaka. Daga ranar nan ne uzuri ya ƙare. A yaƙin Midway da Amurka kuma, Yunin 1942, Yamato yana can baya da nisan ɗaruruwan kilomita, aka nutsar da jiragen dakon Japan huɗu, ya juya gida bai harba ko ɗaya ba.

Kuma su kansu masu ƙerawa sun gane tun yaƙin bai ƙare ba, kuɗi ba ya ƙarya. Japan ta ɗauki gangar jikin na ukun irin Yamato, Shinano, ta mayar da shi jirgin dako. Amurka ta soke manyan jiragen Montana a 1943 tun ba a kafa ƙarfen farko ba, ta zuba ƙarfi kan jiragen dako irin Essex har guda 24. Akwai ma wani abu da na fi so, igwa yadda aka ƙera ta haka za ta tsufa, nisanta ba ya wani ƙaruwa sosai, amma jirgin dako duk lokacin da aka fito da sabon jirgin sama sai hannunsa ya ƙara tsawo.

Amma tsohon nan fa bai faɗi ƙasa banza ba. Ya nuna akwatin ashanar da sandarsa ya ce, "To in kofin ya lallaɓo ya iso bakin ƙofa fa?" Na yi dariya na ce nan kam kun kama ni. Jirgin dako tulin man jirgi ne da bama-bamai, in mai igwa ya cim masa ya gama yawo. Ya ma faru, a Yunin 1940 jiragen Jamus Scharnhorst da Gneisenau suka ci karo da jirgin dakon Birtaniya Glorious a tekun Norway babu jirginsa ko ɗaya a sama yana sintiri, suka nutsar da shi da igwa zalla, kuma ɗaya daga bugun kilomita 24 ɗin nan a kansa aka yi. Shi ya sa har gobe jirgin dako ba ya fita shi kaɗai, sai da 'yan rakiya kewaye da shi masu rada da makamai masu linzami, ga jirgin ƙarƙashin ruwa na bin sawu. Fuskar Kawu ta washe kamar an biya shi fanshon wata uku.

Ya tambaya to sauran da ba a nutsar ba ina suka shiga. Na ce aikin ku suka koma yi, luguden wuta kan gaɓar teku kafin sojan ƙasa su sauka. Missouri na Amurka, wanda a kansa Japan ta sa hannun miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945, ya yi harbi har a yaƙin Tekun Fasha na 1991, aka sallame shi a 1992, yanzu yana Pearl Harbor ana biyan kuɗi a shiga kallo. Ya ce to alhamdu lillahi, ashe ritaya ya yi kamar ni.

Aka kira magariba ban ma ba shi maganin ba, sai da na kai bakin titi na ji ledar a aljihuna, na sake komawa. Na tarar ya ɗauko akwatin ashanar ya ajiye kusa da kofin yana nuna wa jikansa wani abu da sanda, ban tsaya jin wa ke cin wa ba. Yanzu ƙarfe goma da rabi, wuta ba ta dawo ba, cajina kashi 9, ga takardun gwajin 'yan aji biyar guda arba'in da ban duba ko ɗaya ba.